Yadda Ake Tsara Jadawalin Darussan Makaranta Ba Tare Da An Ci Karo Ba

Yawancin jadawalin da ke rikicewa a makon farko na zango, tun kafin a ja layin farko a kan kwali ya riga ya lalace. Mai tsarawa yakan ɗauki biro ya fara daga aji ɗaya, Litinin da safe, yana cikewa gurbi bayan gurbi. Aji na farko ya fito tsaf, na biyu ma haka. Yana isa aji na biyar sai ya tarar duk malamin da yake nema yana wani ajin, ɗakin gwaje-gwaje kuma an ba aji biyu a lokaci guda. Abin da ke hana wannan abu biyu ne: a yi ƙirga kafin a fara jerawa, sannan a fara da abin da ya fi wuyar samun gurbi, a bar mai sauƙi zuwa ƙarshe.

Zan yi bayanin ne da misalin ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo mai aji shida: 1A, 1B, 2A, 2B, 3A da 3B. Tana da malamai 13, ɗakin gwaje-gwaje ɗaya, ɗakin kwamfuta ɗaya, laburare ɗaya da filin wasa ɗaya. Alƙaluman misali ne kawai. Yawan firiyod ɗin kowane darasi a makarantarka, manhaja da umarnin ma'aikatar ilimi ta jiharku ne za su nuna maka.

Fara da sanin gurbi nawa ne a mako

A makarantar misalinmu ana gama asambuli ƙarfe 8:00, kowace firiyod minti 40 ce. Ana yin huɗu zuwa 10:40, a fita tara na rabin awa, a dawo 11:10 a yi huɗu zuwa 1:50. Haka daga Litinin zuwa Alhamis. Ranar Juma'a biyar ake yi, a tashi 11:50 saboda masallaci. Takwas sau huɗu 32, a ƙara biyar, 37. Kowane aji yana da gurbi 37 a mako, haka kowane malami, haka kowane ɗaki.

Sai a raba wannan 37 ɗin a kan darussa. Lissafi 5, Turanci 5, Kimiyya 4. Fasaha, Hausa, Addini da Zamantakewa kowanne 3. Kwamfuta, Larabci, Noma, Kasuwanci da Motsa jiki kowanne 2. Laburare 1. In ka tara za ka samu 37 cif. In lissafinka ya ba da 39, tsaya nan, domin babu dabarar da za ta cusa 39 cikin 37. Ko a rage wa wani darasi, ko a ƙara lokacin tashi, kuma wannan hukuncin firinsifal ne. Ka sa ya yanke shi a rubuce kafin ka ci gaba.

Takardar nauyin malamai

Ka ja takarda guda. Kowane malami ya samu layi: sunansa, lambar da ka ba shi, darasin da yake koyarwa, azuzuwansa, jimlar firiyod ɗinsa, da lokutan da ba ya makaranta. Lambar nan, kamar M1 zuwa M13, ita za ka riƙa aiki da ita, domin a makaranta ɗaya ana iya samun malamai uku masu suna ɗaya.

Aji shida sau 37 ya ba da firiyod 222. Amma aikin malamai ya fi haka, domin a lokacin Addini aji rabuwa yake yi: malamin Addinin Musulunci yana cikin aji, malamar Addinin Kirista ta tafi da nata ɗaliban wani ɗaki. Wannan ƙarin firiyod 18 ne, jimla ta zama 240. In makaranta ta ce kada malami ya wuce 24 a mako, ana buƙatar aƙalla mutum goma. Muna da 13, a ido kamar an wadata, amma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya za ka ga inda nauyi ya taru.

Lissafi 30 ne a azuzuwa shida, malamai biyu sun raba 15-15: na farko ya ɗauki 1A, 1B da 2A, na biyu ya ɗauki 2B, 3A da 3B. Turanci ma haka, an kuma ƙara wa kowannensu firiyod uku na laburare, ya zama 18. Malamin Kimiyya shi kaɗai ne, yana da 24. Matsalar ta fito a wurin malamin Addinin Musulunci, wanda aka saba ɗora wa Larabci: 18 da 12, talatin ke nan cikin 37. A takarda zai shiga, amma mutumin da ke da gurbi bakwai kacal na hutu a mako zai galabaita kafin rabin zango, kuma kai mai tsarawa ba ka da inda za ka motsa shi in an maƙale. Sai aka raba Larabcin: ya riƙe aji uku, malamin Hausa da ke da ilimin Larabci ya karɓi uku, kowannensu ya tsaya a 24.

Wajen rubuta lokutan da malami ba ya nan, ka ware abin da yake dole da abin da yake son rai. Mai yi wa ƙasa hidima yana da rana guda a mako ta aikin raya al'umma, wannan dole ne. Malamin Kwamfuta na wucin gadi ne, Talata da Alhamis kawai yake zuwa, wannan ma dole ne. Malama mai shayarwa da ke buƙatar fita a wani lokaci, a duba mata da mutunci. Amma wanda ya ce shi dai ba ya son firiyod ta farko ranar Litinin, a rubuta a gefe, in hali ya yi a yi masa.

Akwai dalilin da ya sa nake tsaurarawa a nan. Tun 1916 wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, Dénes Kőnig, ya tabbatar da wata ƙa'ida wadda ma'anarta a wurinmu ita ce: in malamai da azuzuwa ne kawai, kowa yana nan a kowane lokaci, kuma babu malami ko ajin da nauyinsa ya wuce gurabun mako, to lallai akwai jadawalin da ba shi da karo ko ɗaya. Wahalar duk tana shigowa ne ta sharuɗɗa: wane ba ya zuwa Laraba, ɗakin nan ɗaya ne, darasin can sai da safe. Duk alfarmar da ka yi wa mutum ɗaya, gurabun kowa ka rage.

Gwada sharuɗɗan kafin ka yarda da su

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali bai wuce aikin rabin awa ba. Ga kowane sharaɗi, tambaya ɗaya za ka yi: gurbi nawa ake buƙata, gurbi nawa ne akwai?

An ce a yi Lissafi kafin a fita tara, lokacin da kan yara yake a sake. Gurabun safe huɗu ne a rana, 20 a mako. Kowane malamin Lissafi yana da 15, don haka zai yiwu. Da malami ɗaya ne da 30, da sharaɗin ya faɗi tun a nan, komai ƙwarewar mai tsarawa.

An ce Motsa jiki sai a firiyod ta ɗaya ko ta biyu, kafin rana ta yi zafi. Wannan gurbi 10 ne a mako. Malamin ɗaya ne, filin ɗaya ne, ana buƙatar 12. Bai shiga ba. Da ba a ƙirga ba, da sai an kai ƙarshen aiki a ga kati biyu sun rasa wurin zama, a rasa dalili. Maganin da aka zaɓa shi ne a raba darasin: firiyod ɗaya a fili da sassafe, ɗaya a cikin aji don ilimin kiwon lafiya a kowane lokaci. Yanzu shida ake nema cikin goma.

Kwamfuta firiyod biyu a jere ake so, domin kafin a tada janareta, yara su zauna, a kunna na'urori, minti goma sun tafi. A rana mai firiyod takwas, biyu-biyu huɗu ake samu: 1 da 2, 3 da 4, 5 da 6, 7 da 8. Ba a haɗa ta 4 da ta 5, domin tara ta shiga tsakani. Malamin kwana biyu yake zuwa, yana da takwas, yana buƙatar shida. Zai shiga, amma da ƙyar, shi ya sa shi ne zai fara samun wuri.

Sai laburare, inda karo yakan ɓuya. A jadawali firiyod shida kawai aka rubuta masa. Amma can ne ɗaliban Addinin Kirista suke zama a duk lokacin Addini, wato 18. Ashe ɗakin yana aiki sau 24 cikin 37, kuma duk lokacin da wani aji yake Addini, ba wanda za a ba firiyod ɗin laburare. Irin wannan ba ya fitowa a jadawalin aji ko na malami. Sai ranar da aji guda ya iso bakin ƙofa ya tarar da mutane a ciki.

Kayan aiki

Samu babban kwali ko allon katako. A tsaye ka jera azuzuwa shida, kowanne da layinsa. A kwance ka ja gurabu 37, Litinin 1 har zuwa Juma'a 5, da layi mai kauri a wurin tara da kuma tsakanin ranaku. A ƙasan azuzuwan ka ƙara layi huɗu: ɗakin gwaje-gwaje, ɗakin kwamfuta, laburare, fili.

Sai ka yanka ƙananan katuna 222, kowanne da aji, darasi da lambar malami. Kowane malami da launinsa. In launuka ba su kai ba, a bambanta da alama kamar zobe ko kuros. Amfanin kati shi ne ba zai yiwu ka manta da firiyod ko ka ninka ta ba: in kati ya rage a tebur aiki bai ƙare ba, in sun ƙare kuma babu rami a allo, kowa ya samu haƙƙinsa. Ka riƙa maƙala su da fil ko ɗan salatif domin su ciru. Dokar allon guda ɗaya ce: in ka dubi kowane gurbi daga sama zuwa ƙasa, kada launi ɗaya ya fito sau biyu.

Jerawa: mai wuya shi ne a gaba

Aikin kamar lodin mota ne, buhuna ake fara sawa, ƙananan ƙulli su shiga tsakani daga baya.

Da farko ka toshe abin da ba ya motsi. In akwai taron malamai ko wasannin makaranta a cikin lokacin karatu, ka rufe gurabunsu. Ka manna jerin lokutan da kowane malami ba ya nan a gefen allo, inda idonka zai riƙa kaiwa.

Sai Kwamfuta. Talata: 1A a 3 da 4, 1B a 5 da 6, 2A a 7 da 8. Alhamis: 2B, 3A da 3B a kan wannan tsari. An bar 1 da 2 domin malamin ya duba na'urori ya tanadi mai. Duk katin da ka sa a layin aji, nan take ka rubuta sunan ajin a layin ɗakin da ke ƙasa. Kada ka ce sai an jima.

Sai gwajin Kimiyya, biyu a jere sau ɗaya a mako ga kowane aji. Dabarar da ke sauƙaƙa wa malami ita ce a sa A da B na aji ɗaya su biyo juna a rana guda, domin ya jera kayan gwaji sau ɗaya su yi wa duka biyun. Litinin 3A a 3 da 4, 3B a 5 da 6. Laraba 1A da 1B haka. Juma'a 2A a 1 da 2, 2B a 3 da 4. Ka lura ba a haɗa wa aji ɗaya Kwamfuta da gwaji a rana guda ba.

Bayan haka sai fili, guda shida a firiyod ta ɗaya ko ta biyu. A nan ne za ka fara ganin yadda abin da ka sa a baya yake takura na gaba. 1A ranar Talata tana Kwamfuta a 3 da 4, saura mata gurbi biyu na safe, kuma Lissafi da Turanci suna jiransu. Don haka ba za a ba 1A fili ranar Talata ba, haka ma Laraba saboda gwaji. Sai Litinin, Alhamis ko Juma'a.

Sai Addini, domin kowane katinsa abu huɗu yake kamawa lokaci guda: aji, malamai biyu da laburare. Da ka gama 18 ɗinsa, ka sa firiyod shida na laburare a gurabun da babu Addini ko a aji ɗaya, tun suna da yawa.

Yanzu Lissafi da Turanci. Kowane aji sau ɗaya a rana, kwana biyar. Tunda malamin Lissafi da na Turanci azuzuwa uku iri ɗaya suke shiga, sai ka riƙa musanya su: in wannan yana 1A, wancan yana 1B, sannan su juya. Ga yadda safiyar Talata ta fito a rabin makarantar:

| Aji | 1 | 2 | 3 | 4 |
|---|---|---|---|---|
| 1A | Lissafi | Turanci | Kwamfuta | Kwamfuta |
| 1B | Turanci | Lissafi | Kimiyya | Hausa |
| 2A | Motsa jiki | Addini | Lissafi | Turanci |

Bi malamin Lissafi da yatsa: ta ɗaya yana 1A, ta biyu 1B, ta uku 2A, ta huɗu ya huta. Malamin Turanci: 1B, 1A, hutu, 2A. Babu inda ɗayansu ya fito sau biyu a tsaye. Washegari ka juya tsarin, kada aji ɗaya ya riƙa cin firiyod ta farko kullum. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin firiyod ta farko ita asambuli yake ci in ya yi tsawo, ita kuma masu makara suke rasawa. In kullum Lissafin 1A ne a wurin, a ƙarshen zango za ka tarar 1B ta yi mata nisa ba tare da laifin kowa ba.

Abin da ya rage, ka bi malamai daga mai nauyi zuwa mai sauƙi: masu 24 tukuna, wato Kimiyya, Hausa, Larabcin da ya rage, da mai Noma da Kasuwanci, sannan masu 18, sannan saura. Ka gama da malami ɗaya gaba ɗaya kafin ka taɓa wani. Kana sawa kana lura da abu uku. Darasi mai firiyod uku ya bazu, kamar Litinin, Laraba da Juma'a, kada ya taru a farkon mako yara su kwana biyar ba su ji shi ba. Kada malami ya wuce huɗu a jere, ko shida a rana. Kada kuma firiyod ta takwas ta zama ta darasi ɗaya kullum. An saba jefa Hausa da Larabci can ƙarshen rana, lokacin da yunwa da zafi suka gama da yara, daga baya a zo ana cewa ba sa ƙoƙari a darasin. Wannan ba adalci ba ne ga darasin, ba kuma adalci ba ne ga malaminsa. A raba firiyod ɗin ƙarshe kowa ya ɗanɗana.

In kati ya maƙale

Kusan ƙarshe za ka isa inda kati ɗaya ya rage, rami ɗaya ya rage, amma sun ƙi haɗuwa. Kada ka rushe allon, kada kuma ka tura katin da ƙarfi ka ce malamai za su daidaita tsakaninsu.

A misalinmu, 2B tana da rami ranar Laraba firiyod ta 6, katin da ya rage nata na Hausa ne, amma malamin Hausa yana 3A a wannan lokaci. Ka nemi wani gurbi da malamin Hausa ba shi da aji. An samu Alhamis ta 7. Daga nan ka manta da sauran mako, ka zuba ido a kan waɗannan gurabu biyu kaɗai: Laraba 6 da Alhamis 7.

Me 2B take yi Alhamis 7? Zamantakewa. In aka kai Hausa can, Zamantakewa za ta koma ramin Laraba 6. Malamin Zamantakewa yana da sarari a Laraba 6? A'a, yana 1A. To sai a juya wa 1A nata gurabun biyu ita ma. Me 1A take yi Alhamis 7? Fasaha. Malamin Fasaha yana da sarari a Laraba 6? E, ba shi da aji. Sarƙar ta ƙare a nan.

Sakamako: 2B ta yi Zamantakewa Laraba 6, Hausa Alhamis 7. 1A ta yi Fasaha Laraba 6, Zamantakewa Alhamis 7. Malamin Zamantakewa azuzuwansa kawai suka yi musaya, lokutansa ba su canza ba. Kafin ka manna, ka duba ko musayar ta sa wani darasi ya fito sau biyu a rana ɗaya a 2B ko 1A. In sarƙar ta kai ka kan katin da ba ya motsi, kamar Kwamfuta ko rabin gwajin Kimiyya, ko ta kai ga malamin da ba ya zuwa ranar, ka mayar da komai yadda yake, ka zaɓi wani gurbin da malamin Hausa yake da sarari, ka sake bi. Shi ya sa aka rage wa malamai nauyi tun farko: mai 24 yana da gurabu 13 da za a gwada, mai 30 bakwai kawai.

In ka gwada duka bai yiwu ba, koma kan jerin son rai, ka saki ɗaya. Ka je ka sami malamin da kanka ka nuna masa allon, ka ce Malam, ga inda aka tsaya, ga abin da zai warware. Mutum in ya gani da idonsa yakan yarda, amma in a allon sanarwa ya fara gani, sai ya ɗauka da gangan aka yi masa.

Tantancewa

Wanda ya tsara jadawali ba ya ganin kuskurensa, idonsa ya saba da allon. Ka kira mutum biyu. Ɗaya ya riƙa karanta gurbi daga sama zuwa ƙasa da ƙarfi, lambar malami bayan lambar malami, ɗayan yana riƙe da jerin malamai yana sa alama. Lambar da aka kira sau biyu a gurbi ɗaya, karo ne. Gurabu 37 ba za su ci awa guda ba.

Daga nan ka fitar da jadawali iri uku daga babban allon: na kowane aji, na kowane malami, na kowane ɗaki. Ka ƙirga firiyod ɗin kowane malami ka gwada da takardar nauyi. In takarda ta ce 18, jadawalinsa ya nuna 17, an yi kuskure wajen kwafa. Karo da yawa a wajen kwafa suke shigowa, allon yana daidai, takardar da aka manna a aji ce ta saɓa.

Mai kwamfuta zai iya sa Excel ya taya shi. Ka sa azuzuwa a layi na 2 zuwa na 7, gurabu 37 daga B zuwa AL, ka rubuta lambar malami kaɗai a kowane gida. Ka zaɓi gidajen duka, ka shiga Conditional Formatting, ka zaɓi sabuwar doka mai amfani da fomula, ka rubuta:

```
=COUNTIF(B$2:B$7,B2)>1
```

Ka ba ta launin ja. Duk inda malami ya fito sau biyu a gurbi ɗaya, gidajen za su yi ja nan take. Don ƙirga nauyin malami guda kuwa:

```
=COUNTIF($B$2:$AL$7,"M4")
```

Ka yi shafi na biyu irinsa, inda za ka rubuta sunan ɗaki maimakon lambar malami, ka bar gidan ba komai in aji yana ɗakinsa. A nan karon laburare zai fito. Makaranta mai azuzuwa ashirin ko fiye, musamman babbar sakandare inda 'yan kimiyya da 'yan adabi suke rabuwa a lokaci ɗaya, za ta amfana da manhajar FET, wadda kyauta ce kuma don wannan aikin aka yi ta. Sai dai ita ma ƙirgar farko take buƙata. In ka ba ta sharaɗin firiyod 12 a gurbi 10, za ta maƙale ta kasa kammalawa.

Bayan an manna

Ka rubuta kwanan wata a kan jadawalin, ka sanar cewa makon farko na gwaji ne. A wannan mako ka riƙa zagayawa a lokacin canjin firiyod. Alamomin matsala a bayyane suke: aji yana surutu ba malami alhali jadawali ya ce akwai, malamai biyu sun tsaya a ƙofa ɗaya, ko yara suna isa ɗakin gwaji minti goma a makare saboda daga fili suka fito da gumi suna neman ruwa. Na ƙarshen nan ba karo ba ne a takarda, amma yana cin darasi, kuma musayar kati ɗaya takan gyara shi.

Gyara kuma hannu ɗaya ne zai riƙa yin sa. Malamai biyu sukan yi musaya tsakaninsu da kyakkyawar niyya, ba su san ɗayan firiyod ɗin tana ɗaure da laburare ko da malami na uku ba. A gaya wa kowa cewa ƙofa a buɗe take, amma sai an zo gaban allo an bi sarƙar. In an canza, a cire tsohuwar takarda daga aji da ofishin malamai a ranar, a manna sabuwa mai sabon kwanan wata.

In an yi wa malami canjin wurin aiki a tsakiyar zango, wanda ya gaje shi ya karɓi lambarsa da launinsa yadda suke, ba sai an taɓa komai ba. In ba a turo kowa ba kuma dole a raba azuzuwansa, ka ciro katunansa kaɗai, ka duba wa yake da sarari a waɗannan gurabu. Da azumi kuwa, in an rage lokacin tashi, gara a rage tsawon kowace firiyod daga minti 40 zuwa 30, a bar jerin yadda yake. Firiyod takwas za su ɗauki awa huɗu, an samu ragin awa ɗaya da minti ashirin. In aka ce a yanke ta bakwai da ta takwas, 2A da 3B za su yi wata guda ba su shiga ɗakin kwamfuta ba, domin a nan nasu gurabun suke.